"Ina Kike? Da Wa Kike?": Yadda Ake Bambance Tambayar Kulawa da Ɗaurin Talala

Idan kaka ta wuce, aka zuba gero da dawa a rumbu, yawancin magidanta matasa a ƙauyukan Jigawa da gabashin Kano sukan ɗaure kaya su tafi ci-rani, wasu Legas, wasu Abuja ko Fatakwal, su bar iyali a hannun iyaye har zuwa faɗuwar ruwan shuka. A da, kafin wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, mai ci-rani ba ya jin labarin gidansa sai ta wasiƙa ko ta bakin wanda ya zo daga gida, kuma yakan yi wata biyu bai san abin da aka dafa a gidansa ba. Yanzu kuwa matarsa tana cikin aljihunsa, duk sanda ya ga dama zai danna ya ji muryarta. Wannan sauƙi ne babba, amma shi ne kuma ya buɗe wata hanyar takurawa da iyayenmu ba su san ta ba, shi ya sa idan yarinya ta kai ƙara gida cewa mijinta yana yawan kiranta, dattawa sukan yi murmushi su ce ta gode wa Allah da ta sami mai sonta.

Wahalar lamarin ita ce kalmomin iri ɗaya ne. Wanda ya damu da lafiyar matarsa yana cewa "ina kike", wanda yake tsaron ta kamar fursuna shi ma haka yake cewa. Saboda haka ba a gane bambancin daga lafazin tambayar, sai daga abin da ke biyo bayan amsa. Tambayar kulawa tana ƙarewa da zarar an amsa ta, hankalin mai tambaya ya kwanta, a shiga wata hirar. Tambayar tsaro kuwa amsa ba ta kashe ta, sai dai ta haifi wata tambayar, wannan ma ta haifi wata, har a kai ga neman shaida.

Na ga wannan a kusa, a kan wata 'yar ƙanin mahaifina da aka aurar a wani ƙauye a ƙasar Ringim, mijinta yana dakon kayan gwari a kasuwar Mile 12 ta Legas. Shi ya saya mata waya cikin kayan lefe, kuma a shekarar farko ta aure kira biyu yake yi a rana, ɗaya bayan asuba, ɗaya bayan isha'i. A shekara ta biyu, lokacin da ta zo wankan jego gida, na ɗauki wayarta zan kai mata caji, sai na ga kiransa ashirin da uku a wuni guda. Da na tambaye ta abin da suke tattaunawa har haka, ta ce ai ba hira ba ce. Idan ta ɗauka yakan yi shiru na ɗan lokaci yana sauraren abin da ke bayanta, sannan ya ce, "Muryar wa nake ji?" Idan ta ce ƙaninsa ne yake magana da Inna a tsakar gida, sai ya ce ta miƙa wa Inna wayar. Ba gaisuwa ce ta kai shi ga mahaifiyarsa ba, yana so ne ya tabbatar matarsa tana inda ta ce take.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda rayuwar ƙauye kanta take samar masa da laifin da zai kama ta da shi kullum. Garin babu wutar lantarki, wayar takan wuni wurin mai caji, kuma sabis ba ya kamawa sosai a cikin ɗaki sai an fito gindin darbejiyar da ke bakin zaure. Mace tana surfe, tana daka, tana wanki, hannunta cikin kumfa ko cikin ƙullu, ba kowane kira za ta iya ɗauka ba. Shi kansa a garin aka haife shi, ya san duk wannan. Amma duk kiran da ya wuce ba a ɗauka ba sai ya zama shari'a: a ina kika ajiye wayar, wane yaro kika aika wurin caji, me ya sa da na kira aka ce kina kan wani kiran, ke da wa. A nan ne alama ta farko take fitowa fili, wato a kafa wa mutum ƙa'idar da aka san ba zai iya cikawa ba, sannan a riƙa hukunta shi a kan gazawar. Wanda ya yi haka ba labari yake nema ba, yana son ya riƙe ta ne a matsayin mai laifi, domin mai laifi ba ya da bakin neman haƙƙinsa. Ta gaya mini cewa watanni da yawa ba ta iya tambayarsa kuɗin cefane ba, saboda kowace waya da ban haƙuri take farawa, kuma kafin ta gama ban haƙurin kati ya ƙare.

Daga baya ya sauya mata babbar waya, mutanen gida suna ta sa albarka, ashe igiyar ce aka ƙara wa ƙarfi. WhatsApp yana nuna lokacin da mutum ya leƙa na ƙarshe, abin da ake gani a rubuce da last seen, yana kuma nuna alama biyu masu launin shuɗi idan an buɗe saƙo. Sai tambayoyin suka koma na mintuna: na gan ki a kai ƙarfe goma sha ɗaya na dare, da wa kike magana, kin buɗe saƙona tun ɗazu, me ya hana ki amsawa, ɗauki hoton inda kike ki turo yanzu. Ranar da ta je awon ciki a asibitin da ke garin gaba, sai da ta ɗauki hoton layin mata da katin awo ta tura masa, duk da cewa shi ya ba ta izinin zuwa, kuma tare da facalarta suka tafi.

A nan dole a yi adalci ga al'ada da addini, domin wani zai ce ai miji yana da haƙƙin sanin fitar matarsa. Haka ne, a garuruwanmu mace tana neman izini kafin ta je unguwa, kuma ba wannan nake ƙalubalanta ba. Amma izini abu ne mai iyaka: an tambaya, an bayar ko an hana, magana ta ƙare. Wanda ya bayar da izini sannan ya bi da kira goma da neman hoto, a gaskiya bai bayar ba, ya tsawaita igiya ne kawai, irin ɗaurin talalar da ake yi wa akuya da damina, tana kiwo tana ganin kamar a sake take, alhali turken yana nan. Addinin da yake fakewa da shi ma bai ba shi wannan ba. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta yi umarni da nisantar yawan zato, ta kuma hana bin diddigin asirin mutane, ba ta cire matar aure daga cikin waɗanda aka kare ba. Akwai kuma hadisin Jabir a Sahihu Muslim da ya hana mutum ya faɗo wa iyalinsa cikin dare don yana tuhumar su da ha'inci ko yana neman kama su da kuskure. Kiran ƙarfe biyu na dare don a ji ko layi yana kan wani kiran, a ganina, ɗan'uwan wannan faɗowar ne, hanya ce kawai ta sauya.

Tambaya ita kaɗai ba ta isa ta ɗaure mutum ba, domin wanda aka dama da tambaya wata rana zai gaji ya ce ya isa. Abin da ke hana shi faɗin haka shi ne kashi na biyu na wannan salon magana, wato ɗora masa nauyin laifi har ya ji cewa shi ne azzalumi. Mafi yawan abin da ake amfani da shi a wurinmu shi ne gori. Duk ranar da yarinyar nan ta ce masa kiran ya yi yawa, amsarsa ɗaya ce: yana can yana kwana a rumfar kasuwa, sauro yana cizonsa, yana ɗaukar kwandon tumatir a ka saboda ita, wayar ma da take taƙama da ita guminsa ne, amma ɗaukar kira ya gagare ta. Abin lura shi ne duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Yana shan wahala, kuma shi ya sayi wayar. Ƙarfin gori daga nan yake, ba a gina shi a kan ƙarya, ana ɗauko alherin da aka yi da gaske ne a mayar da shi bashi, bashin da ba a faɗi adadinsa ba, don haka babu ranar da za a gama biya. Ciyarwa da tufatarwa wajibi ne a kan miji tun ranar ɗaurin aure, ba rance ba ne da za a karɓi 'yancin mace a madadinsa. Ko a kyautar da ba wajibi ba, aya ta 264 a Suratul Baƙara ta yi gargaɗi cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka.

Yadda ake gane gori daga ƙorafi na gaskiya ba shi da wuya idan aka saurara da kyau. Mai ƙorafi yana ambaton abu guda da ya faru, yana faɗin yadda ya ji, yana kuma neman gyaran da za a iya yi, kamar ya ce, "Jiya na kira ban same ki ba, hankalina ya tashi saboda cikin nan, idan za a kai wayar caji ki riƙa sanar da ni." Wannan magana tana da ƙofar fita, in an gyara shi ke nan. Mai ɗora laifi kuwa ba ya tsayawa a kan abin da ya faru jiya, yana tsallakawa zuwa halin mutum gaba ɗaya: ke dama ba ki taɓa damuwa da ni ba, ke butulu ce, da kina sona da ba sai na roƙa ba. Babu aikin da mace za ta yi yau ya goge "ba ki taɓa ba", don haka abin da ya rage mata shi ne ta ƙara sallamawa. Kuma a lura da inda maganar take ƙarewa. Ita ce ta zo da kuka, amma cikin minti biyar ita ce take cewa, "Don Allah Malam ka yi haƙuri." Idan a gida kullum wanda ya kawo ƙorafi shi ne yake ƙarewa da neman gafara, to akwai mai juya magana a gidan.

Akwai wani nau'in da ya fi wannan nauyi a zuciyar macen karkara, wato a jingina laifin da lahira. "Ban yafe ba" da "Allah ya isa" kalmomi ne da aka taso da yarinya tana jin tsoronsu tun tana ƙarama, an kuma karantar da ita cewa fushin miji abu ne mai hatsari ga makomarta. Mai son mallake ta ya san haka, sai ya riƙa sakin waɗannan kalmomi a kan kiran da ba a ɗauka ba ko saƙon da aka jinkirta amsawa, ta kwana tana kuka tana ganin ta halaka. Daga nan mataki ɗaya ne zuwa "in kika taka ƙofar gida, a bakin aurenki". Wannan ba barazana ce kawai ba, domin a mazhabar Malikiyya da ake bi a nan, saki da aka rataya a kan sharaɗi yana aukuwa idan sharaɗin ya faru. Ma'ana, da jumla guda daga Legas mutum zai iya hana matarsa zuwa duba mahaifiyarta da ke kwance a unguwar da ke kusa, kuma babu wanda zai iya ce mata ta je.

Kada a ɗauka maza kaɗai ne ke wannan. Akwai matar da mijinta ba ya isa ya je kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya dawo ba tare da ta kira shi sau goma ba, in ya shigo ta karɓi wayarsa ta bi lambobin da ya kira ɗaya bayan ɗaya, in ya kai wa mahaifiyarsa kwanon masara ta kwanta ta ce ciwonta ya tashi kuma shi ne sanadi, ko ta riƙa tuna masa masu kuɗin da suka neme ta ta ƙi saboda shi. Salon ɗaya ne, kuma yana cin mutum. Bambancin shi ne a ƙauye makaman ba daidai suke ba, domin saki da abinci da izinin fita da barazanar kishiya duk a hannun miji suke, ga shi mace takan bar garinsu ta zo cikin danginsa. Shi ya sa idan namiji ne mai yi, illar takan fi zurfi kuma ta fi wuyar fita.

Masu nazarin zamantakewa sun daɗe da lura cewa irin wannan cutarwa ba a gane ta da aukuwa guda. Wani masani Ba'amurke, Evan Stark, ya yi bayani a 2007 cewa abin da ya fi illata matan da ake zalunta a gida sau da yawa ba dukan ba ne shi kaɗai, tsarin sa ido da tsoratarwa da raba mace da mutanenta ne, wanda ke tafiya kullum a hankali. A 2015 Ingila da Wales suka mayar da irin wannan mallakewa laifi mai hukuncin da zai iya kai ɗaurin shekara biyar. A shekarar ce kuma Najeriya ta yi dokar hana cin zarafin mutane da ake kira VAPP, wadda ta lissafa cutarwa ta baki da ta zuciya cikin laifuka, Jihar Jigawa kuma ta sanya hannu a kan tata a 2021. Tun kafin waɗannan, malaman Malikiyya sun ba mace damar neman alƙali ya raba aure saboda cutarwa, ba su kuma taƙaita cutarwar ga duka ba, zagi da ƙaurace wa magana suna ciki.

Tunda ba a aukuwa guda ake ganewa ba, ma'auni mafi inganci shi ne a dubi wanda ake yi wa, a kwatanta shi da yadda yake a da. Yarinyar da nake magana a kanta mai son mutane ce, ita ce kan gaba a gidan suna da gidan biki. Cikin shekara guda ta daina zuwa islamiyyar matan aure, ba don ya hana ta da baki ba, sai don malama ba ta yarda a ɗauki waya a aji, kuma awa biyu ba tare da amsa kira ba yana jawo ya yi kwana uku yana gaba da ita. Ta goge lambobin ƙawayenta da na 'ya'yan baffanninta maza don kada ya gani ya tambaya. Ta ɗinka wa wayar 'yar jaka ta rataya a wuya, har banɗaki da ita take shiga. In wayar ta yi ƙara, ko da tana tsakiyar cin abinci, sai ka ga ta zabura ta goge hannu a zani, fuskarta ta sauya kafin ma ta duba mai kiran. Ta kuma fara 'yan ƙananan ƙarairayi a kan abubuwan da ba laifi ba ne, kamar ta ce tana ɗaki alhali tana gidan maƙwabta karɓo rariya, domin faɗin gaskiyar zai jawo titsiye na rabin awa. Ranar da ya kama ɗaya daga cikin waɗannan, sai ta zama masa hujjar da ya daɗe yana nema cewa dama ba abin yarda ba ce, tsaron ya ƙaru.

Ba duk yawan kira ne mallakewa ba, kuma kuskure ne a yi gaggawar yanke hukunci. Sabon ango, ko wanda matarsa ta shiga watan haihuwa, ko wadda mijinta ya hau hanyar da ake fargabar 'yan fashi, duk za su yawaita kira, amma abin yana da dalili sananne kuma yana raguwa idan dalilin ya wuce. Akwai kuma mai raunin zuciya wanda kewa da zaman kaɗaici a baƙon gari suke damunsa, ba da nufin mulki yake yi ba. Hanyar bambance su ita ce a gwada sa iyaka cikin ladabi, a ga abin da zai biyo baya. Mace tana iya cewa, "Malam, da rana hannuna ba ya zama, wayar ma takan tafi caji, mu tsayar da bayan azahar da bayan isha'i, in wani abu ya taso ni zan neme ka." Mai kewa zai iya yin ɗan fushi, amma zai karɓa, ko ya nemi a ƙara lokaci ɗaya. Mai son mulki kuwa iyakar kanta ita ce laifin a wurinsa: zai tambayi wanda ya kitsa mata, ya zargi mahaifiyarta ko ƙawarta, ya riƙe kuɗin cefane na mako, ko ya rufe wayarsa kwana biyu don ta ɗanɗana. A lura kuma ko tambayar tana tafiya ta ɓangare biyu. Mutumin nan da ke neman hoton layin awo, ranar da ta tambaye shi inda yake kwana a Legas, cewa ya yi ba huruminta ba ne.

Wannan gwaji yana da iyakarsa. Idan maganar ta riga ta kai ga barazanar duka, ko "in ba ni ba sai dai kabari", ko cewa zai kashe kansa ko ya watsa hotunan da ta taɓa tura masa, to ba lokacin gwada iyaka ita kaɗai ba ne, domin mai irin wannan furuci yakan fi zama hatsari daidai lokacin da ya ji igiyar tana kuɓuce masa. A nan sai a shigo da waliyyi, in bai isa ba a je ga liman ko mai unguwa, ko Hisba, ko kotun shari'a. Kuma kada a goge saƙonni da muryoyin da ya turo, ko da ganinsu yana ƙona rai, domin matsalar cutarwa ta baki a gaban dattawa ita ce ba ta barin tabo, kuma mai yin ta sau da yawa mutum ne mai ladabi a waje, mai durƙusawa ya gaida surukai.

A lamarin 'yar'uwar tawa, abin da ya sauya ra'ayin mahaifinta ba kukanta ba ne, domin ta yi kukan sau biyu yana ce mata ta koma ta yi haƙuri, kishi ne irin na masoya. Wani dare ne bayan isha'i aka ajiye wayar a kan tabarmarsa, aka kunna masa saƙonnin murya guda bakwai da surukinsa ya turo tsakanin la'asar da magariba, na farko yana tambayar inda take, na huɗu yana lissafa kuɗin lefe, na bakwai yana cewa bai yafe ba duniya da lahira. Ya saurara har ƙarshe bai ce komai ba, sannan ya tambayi abin da ta yi a ranar. Aka ce masa wayar tana wurin mai caji ne, ita kuma tana ɗaki tana shayar da jaririya. Washegari da sassafe ya aika a kira masa wan mijin, ya ce yarinya ba za ta koma ba sai mijin ya dawo daga Legas an zauna gaban liman.